Kuɗin da Ke Ɓoye a Cikin Tikitin Jirgin Sama



Na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka taɓa sayen tikitin jirgin sama zuwa ƙasar waje, ko don kansu, ko don ɗa ko 'ya da ke karatu a can. Na kuma san yawancinmu layi ɗaya muke dubawa, wato jimillar kuɗi. In ta yi yawa mu ce kamfanin jirgi ya tsawwala. To amma idan mutum ya sauke idonsa zuwa ƙasan takardar, zai ga wasu haruffa bibbiyu, kowanne da adadi a gabansa. Wani ɓangare mai yawa na wannan kuɗi ba na kamfanin ba ne. Karɓa yake yi ya miƙa wa gwamnati ko hukumar filin jirgi. Kuma abin da ke yanke yawansa, a galibin lokaci, shi ne ƙasar da jirgin ya tashi daga cikinta. Shi ya sa tafiya ɗaya, a jirgi ɗaya, kujera ɗaya, kuɗin zuwa da na dawowa suke shan bamban.

Bari mu ɗauki hanyar Abuja zuwa Landan, tunda ita ce da yawa daga cikinmu suka sani.

A tikitin wanda zai tashi daga Landan za a ga GB da kuma UB. UB kuɗin hidimar fasinja ne da filin jirgin ke karɓa, kamar filin Heathrow, don ginin da ka zauna a ciki da binciken tsaro da sauransu. GB kuwa haraji ne tsantsa na baitulmalin Birtaniya, wanda aka fara karɓa a watan Nuwamba na 1994. Ba a sayar maka da komai a madadinsa ba. Ana lissafa shi da nisan da ke tsakanin Landan da babban birnin ƙasar da za ka. Daga mil 1 zuwa 2,000 rukuni ɗaya ne, daga 2,001 zuwa 5,500 rukuni na biyu, abin da ya haura haka na uku. Abuja ba ta kai mil 3,000 ba daga Landan, don haka tana rukuni na biyu. A farashin da ya fara aiki a Afrilun 2025, wanda da shi za mu yi lissafi, mai ƙaramar kujera ya biya fam 90, mai babbar kujera fam 216. Kusan duk shekara adadin na sauyawa, don haka ku riƙe tsarin, shi ne ya fi daɗewa.

Yanzu mu ƙaddara wani magidanci da maiɗakinsa da 'ya'ya biyu, ɗaya shekara 17, ɗaya shekara 10, sun je Landan za su dawo. A ranar tafiyarsu daga Abuja, Birtaniya ba ta karɓi ko kwabo na wannan haraji ba, domin mai shigowa ba ya biya. A dawowa ne zai hau kansu, ko da kuwa a Kano aka sayi tikitin da naira. Idan a ƙaramar kujera suke, yaron da bai kai shekara 16 ba an yafe masa, saboda haka mutum uku ne za su biya, fam 270 ke nan. Amma a ce Alhaji ya ga bari ya ɗan shana da iyalinsa, ya matsa gaba zuwa kujerar tsakiya, wadda ta ɗan fi ƙarama faɗi amma ba ta kai ta manya ba. Dokar ba ta san da kujerar tsakiya ba. Duk abin da ba mafi ƙanƙantar aji ba ne, farashin sama yake biya, kuma yafiyar yaron ta faɗi. Sai lissafin ya koma 216 sau huɗu, fam 864. Bambancin fam 594 ya shigo kafin kamfani ya ƙara ko sisi a kan kujerar kanta.

A ɓangarenmu kuma tsarin daban ne. Wanda ya tashi daga Nijeriya yana biyan abu iri biyu da suka fi fitowa fili. Akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti, wanda hukumar NCAA ke karɓa ta raba da 'yan uwanta, irin su NAMA mai kula da sararin samaniya, da NiMet ta hasashen yanayi, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. Sai kuɗin hidimar fasinja na hukumar FAAN, wanda a 2020 aka ninka shi daga dala 50 zuwa dala 100 ga mai tafiya mai nisa. Akwai kuma kuɗin tsaro a kai.

Ina so a lura da bambancin waɗannan biyun, domin nan ne maganar take da daɗi. Na farko yana tafiya da tsadar tikiti. Idan asalin kuɗin dala 600 ne, dala 30 za a ɗora, idan dala 3,000 ne, dala 150. Mai hali ya fi biya. Na biyu kuwa kuɗin kai ne, ba ruwansa da tsada ko araha. Dala 100 a kan tikitin dala 3,000 ba ta kai a tsaya magana ba, amma a kan tikitin ɗalibin da ya yi ta fafutuka ya samo na dala 500, kashi ɗaya ce cikin biyar. Duk kuɗin da aka yanka wa kai, mai ƙaramin ƙarfi da mai gajeriyar tafiya ne suka fi jin nauyinsa. A ganina wannan na daga manyan dalilan da suka sa tashi tsakanin biranen Afirka ta Yamma, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba, ke da tsadar da ta sa 'yan kasuwarmu suka gwammace kwana biyu a mota. Tikitin zuwa da dawowa yana ɗauke da kuɗin filaye biyu, na nan da na can, kowanne da nasa.

Sai batun yada zango, wanda mutane suka fi yin asara a kansa cikin rashin sani. Harajin Birtaniya ba ya hawa kan wanda ya ratsa kawai. Idan ka taso daga Abuja za ka New York ta Landan, a tikiti ɗaya, kuma jirginka na gaba ya tashi cikin awa 24 da saukarka, babu GB a takardarka. Idan ka ce bari ka kwana biyu ka gaida 'yan uwa a Landan, to ka zama mai tashi daga Birtaniya, fam 90 ta hau kanka a ƙaramar kujera. Haka nan idan ka tsaya awa uku kacal amma tikiti biyu ka saya daban-daban, waɗanda ba a haɗa su ba.

Ƙa'idar tana aiki ta ɗaya gefen ma. Wanda ya bar Landan zuwa Nijeriya ta Istanbul a tikiti ɗaya, inda zai ƙare ake dubawa, don haka fam 90 zai biya. Turkiyya kuwa tana rukunin farko, inda harajin ƙaramar kujera fam 13 ne a farashin 2025. Wasu masu wayo sukan raba tikitin biyu don su tsira da fam 77. Ni ba na ba da wannan shawara. Da zarar ka raba, kamfani na biyu ba shi da alhakin jiranka ko sauya maka jirgi idan na farko ya makara, kayanka ma sau da yawa sai ka karɓa ka sake aunawa, wanda hakan na nufin shiga ƙasar, da bizarta. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Kada wani ya ɗauka fasinja ne kaɗai ke wannan lissafi. Gwamnatoci ma sun sha gwadawa sun ƙone. A watan Yulin 2008 ƙasar Holan ta sa harajin tashi, yuro 11.25 ga tafiyar kusa, yuro 45 ga ta nesa. Ƙasa ce ƙarama, mutum na iya tuƙa mota awa biyu ya tsallaka iyaka. Sai jama'a suka koma tashi daga Düsseldorf da Weeze a Jamus, ko Brussels a Beljiyam. Shekara ɗaya aka yi, a Yulin 2009 aka janye harajin. Ba su dawo da shi ba sai a 2021, bayan Jamus ta daɗe da sa nata tun 2011, wato lokacin da maƙwabci ya daina zama mafaka. Ayilan ta mayar da nata sifili a 2014, shi ya sa tashi daga Dublin ba ya ɗauke da irin nauyin tashi daga Landan. Birtaniya da kanta ta yafe harajin ga jiragen da ke tashi kai tsaye daga Belfast zuwa nesa tun 2013, saboda Dublin na nan kusa a mota. Landan ta iya riƙe haraji mai tsada ne domin teku ta kewaye tsibirin da take ciki, kuma mutane ba su da makawa sai sun je.

Tambayar da ta shafe mu ita ce, wanne muka fi kama da shi, Holan ko Landan? Shugabannin ECOWAS, a taronsu na Abuja a Disambar 2024, sun amince a cire haraje-harajen da ba su shafi sufurin sama ba, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026. Amincewa a taro abu ne, sauya adadi a na'urar sayar da tikiti wani abu ne, domin kowace ƙasa ce ke da ikon filayenta, kuma hukumomin da ke cin wannan kuɗi da shi suke biyan albashi. Hanyar gane ko an cika alkawari ba ta buƙatar jiran sanarwar minista. A ajiye tsohon tikiti kusa da sabo a kwatanta layukan ƙasa.

Wajen wannan kwatanci akwai tarko ɗaya. Za ku ga YQ ko YR a jere da sauran, sau da yawa ma su ne mafi girma. Waɗannan ba haraji ba ne ko kaɗan. Ƙari ne da kamfanin jirgin ya ɗora wa kansa, da can ana kiransa kuɗin mai, kuma aljihunsa yake shiga. Idan wakilin sayar da tikiti ya ce maka "Alhaji, rabin kuɗin nan duk haraji ne", ka ce ya ware maka YQ gefe tukuna. Wani lokaci kuma za a dunƙule komai a ƙarƙashin XT, sai ka nemi a fayyace maka ɗaya bayan ɗaya.

Wannan rarrabewa tana da amfani ranar da tafiya ta fasa. Harajin tashi da kuɗin hidimar fasinja suna wajaba ne idan mutum ya tashi. Idan bai hau jirgi ba, kamfanin ba zai miƙa su ga kowa ba. Don haka ko tikitin irin mai arahar nan ne da aka ce ba a mayar da kuɗinsa, kana iya neman a dawo maka da wannan ɓangare, sai dai wasu kamfanoni kan cire ladan aiki, kuma YQ yakan bi sharaɗin tikitin ne. Ba sa aiko da shi haka kawai, sai an rubuta an nema. Magidancin nan namu, da ya fasa dawowa da iyalinsa a ƙaramar kujera, fam 270 ce tasa ke kwance a layin GB kaɗai, ban da UB.