Lacca a Kan Saɓanin Jimilla da Rassanta a Jadawalin Lissafi



Mas'alar da zan yi magana a kanta takan sa mai karanta rahoton kasafi ya zargi akawu da ha'inci alhali akawun bai ci ko kwabo ba, domin idan ya tara adadan da aka jera ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar ba su yi daidai da jimillar da aka rubuta a ƙasan jadawali ba.

Mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma ta ware wa ilimi naira 12,400,000, lafiya 8,400,000, hanyoyi 6,450,000, ruwan sha kuma 3,450,000, jimilla ke nan 30,700,000. Da aka zo buga rahoto, sai aka so a rubuta kome da miliyan cikakku don sauƙin karatu, aka bi ƙa'idar kusantarwa da aka sani, wato abin da bai kai rabi ba a zubar, abin da ya kai rabi ko ya haura a cika shi. Ilimi ya koma 12, lafiya 8, hanyoyi 6, ruwa 3, waɗanda in an tara su 29 za a samu. Ita kuwa jimilla, da yake daga adadan asali aka fitar da ita kafin a kusantar, sai ta tashi 31. Miliyan 2 sun ɓace a ido, amma suna nan a baitulmali, illa dai gutattsarin da aka zubar a kowane layi ne suka haɗu a jimilla suka yi nauyi.

To, wannan uzuri yana da haddi, kuma sanin haddin shi ne ke raba mai bincike da wanda ake yi wa rufa ido. Tun da kuskuren kowane layi ba ya wuce rabin ma'aunin da aka yi aiki da shi, giɓin ba zai taɓa wuce rabin adadin layukan ba: layi 4 iyakarsu 2, layi 10 iyakarsu 5, kuma da wuya ƙwarai a kai iyakar, saboda galibi abin da aka ƙara wa wannan layi yakan cinye abin da aka rage wa wancan. Saboda haka idan jadawali mai layi 4 ya saɓa wa jimillarsa da miliyan 3, kada a karɓi hujjar kusantarwa, a nemi littafin asali. Haka al'amarin yake a kashi cikin ɗari, inda sulusi uku kan fito 33, 33, 33, su ba da 99. Diaconis da Freedman sun yi nazarin wannan a 1979, kuma abin da lissafi ya tabbatar shi ne, a jadawali mai gida uku kusan sau ɗaya cikin huɗu ba a samun 100 daidai, gidaje kuma suna ƙaruwa, saɓanin yana yawaita.

Bayan girman giɓin, alama ta biyu ita ce alƙiblarsa. Kusantarwa ta gaskiya takan karkata sama yau, gobe ƙasa. Amma idan kullum ƙasa ake gani, to datsewa ake yi. Kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta kafa ma'auninta a kan 1,000 a Janairun 1982, na'urarta tana yanke duk abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo sau dubbai a kowace rana, har ma'aunin ya sauko 524.811 a Nuwamban 1983, da aka sake lissafi kuwa sai ya tashi 1,098.892.

A ra'ayina saɓanin halal ne a jadawalin da aka buga don bayani, da sharaɗin an fitar da jimilla daga adadan asali, an kuma faɗa a ƙarƙashinsa cewa an kusantar. Abin da na ƙi shi ne ɗabi'ar wasu akawuna ta ƙara wa layi ɗaya lamba a ɓoye don jadawali ya yi kyau, domin sun gyara jimilla ne da ɓata reshe.

Amma inda za a biya wa mutum haƙƙinsa, kamar albashi ko rasit ko gado, babu wannan rangwame. Malaman fara'ili sun daɗe da gane haka, shi ya sa idan rabo ya karye a kan magada sukan ninka asalin mas'ala har kowa ya sami kaso cikakke. Idan kuwa naira 100 za a raba wa mutum uku, kowa ya sami naira 33 da kwabo 33, to kwabo ɗaya ya saura, kuma wajibi ne a rubuta tun kafin rabo wanda za a ba shi.