Jawabi kan adashi da haɗa jari a Suk al-Shabi

 

Wanda ya taɓa zama a Suk al-Shabi, ta Khartoum ko ta Omdurman, ya san adashin da mutanen Sudan ke kira sanduk. Zubi ne da kwasa irin namu, amma faɗuwar fam ta canza masa lissafi. A shekarar 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, don haka mai kwasar ƙarshe a adashin wata goma ya karɓi kuɗinsa cif, amma ba su sayi rabin abin da na farko ya saya ba. Maganinsa a ɗaure zubin da kaya: kowa ya kawo kuɗin buhun sukari ɗaya a farashin ranar zubi.

Haɗa jari kuwa ya fi dacewa da kayan da ake ƙirgawa da buhu, ba sa saurin lalacewa, ana kuma sayar da su a dunƙule, kamar zoɓo, riɗi da ƙaro. Rumfar shayi ko shagon sayar da ɗai-ɗai ba na taro ba ne, domin mutum ɗaya ke riƙe da aljihun, sauran sai abin da ya faɗa musu.

Mu ɗauka mutum biyar sun haɗu sun sayi buhu 100 na zoɓo a El Obeid. Na farko ya biya kuɗin buhu 40, na biyu 30, sauran ukun goma-goma. Ɗaya daga cikin masu goma shi zai bi motar har Omdurman. Tun kafin a yi lodi a yanka masa ladansa, a ce kuɗin buhu 5, a rubuta gaban shaidu. In an sayar, aka cire kuɗin mota da na 'yan dako, riba ta kai kuɗin buhu 20, sai a fara fitar da biyar ɗinsa. Sauran 15 a raba gwargwadon jari: na farko 6, na biyu huɗu da rabi, sauran ɗaya da rabi kowannensu. In kuwa ruwa ya ɓata buhu 10 a hanya, na farko ya ɗauki asarar 4, na biyu 3, sauran ɗaya-ɗaya. Ba a ɗora wa ɗan rakiya fiye da kasonsa sai an tabbatar da sakacinsa, kamar ya ƙi rufe kaya da tamfol. Yawancin zumuncin da na ga ya ɓaci, a kan ladan nan ne da aka bari sai an dawo.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara mana wani sharaɗi, domin an wawashe kasuwannin Khartoum da Omdurman, wasu aka ƙone. Kayan taro kada a tara su a sito ɗaya, takardar yarjejeniya kuma kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa.