Ruwan zartsi a kan sikeli: yadda muka auna salfet ɗin rijiyarmu



A ƙauyenmu da ke yankin Dambatta, mun yi karo-karo bayan an sayar da gyaɗa muka haƙa rijiyar burtsatse. Ruwa ya fito, amma zartsi gare shi, har iyaye mata suka fara cewa yana ɓata wa yara ciki. Dattawa suka ce, to kai da ka yi jami'a, je ka binciko mana. Abin da na fara zargi shi ne salfet, don in ya yi yawa yana kawo ɗaci da gudawa.

Dabarar ita ce a mayar da salfet ɗin da ya narke ya zama gari, a ɗora shi a sikeli. A ɗakin gwaji na auni ruwan mililita 200, na ɗiga asid HCl kaɗan don kada kabonet ya shiga lissafi, na dafa har ya kusa tafasa. Sai na riƙa ɗiga BaCl₂ a hankali ina juyawa. Nan take ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Wannan farin shi ne BaSO₄, wanda kusan ba ya narkewa.

To a nan na kwafsa. Ina saurin kama motar gida, na tace nan da nan, garin ya bi ta takardar tacewa ya wuce abinsa. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta. Dole a bar shi da zafi, digiri 80 zuwa 90, aƙalla awa biyu, ko ya kwana. A lokacin ne ƙananan ƙwayoyi ke narkewa su hau kan manya, har su yi girman da takarda za ta riƙe. Alamar ya nuna, garin ya kwanta, ruwan sama ya yi garau.

Washegari na sake daga farko. Na tace da takardar da ba ta barin toka, na yi ta wankewa da ruwan ɗumi har sai da ɗigon AgNO₃ ya daina sa ruwan wankin yin fari, wato kulorayid ya fita. Sai ƙonawa a ɗan kaskon tangaran da na riga na auna. Nan ma a hankali, kada takardar ta kama da wuta. In ta kama, gari zai tashi, in kuma iska ta yi kaɗan, gawayin takardar zai mayar da wani sashe BaS, nauyi ya ragu, ruwa ya fito kamar mai kyau alhali ba haka ba ne. Bayan nan awa guda a tanderu mai digiri 800, ya huce a tulun da ke hana danshi, a auna, a maimaita har nauyin ya tsaya.

Na samu giram 0.146. Salfet kashi 41.16 cikin ɗari ne na BaSO₄, wato miligiram 60 a mililita 200, ko 300 a lita. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta tsaya a 100.

Gwajin bai ce komai a kan ƙwayoyin cuta ba, wannan aiki ne daban, kuma muna tara kuɗinsa. Kafin nan dai, burtsatsen ta wanki ce, ruwan sha kuma mun koma tsohuwar rijiya muna tafasawa.