Yaƙi da Jahilci a Rediyo: Yadda Ake Rubuta Sanarwar Sayar da Fili

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Damargu, na Tanut da Belbeji da Gangara da Bakin Birji, muna gaishe ku. Kowa ya ɗauko littafinsa da alƙalaminsa. Darasinmu na yau a kan sanarwar sayar da fili ne, wadda dillali yake rubutawa a allo ko a bango ko a takarda.

Ga wata sanarwa irin wadda muka saba gani a bakin tasha:

"Babban fili na sayarwa a wuri mai kyau, kusa da kwalta. Ga ruwa, ga wuta. Araha ƙwarai."

To, mai saurare, ka karanta. Me ka gane? Ba ka san inda filin yake ba. Ba ka san girmansa ba. Ba ka san kuɗinsa ba. A ce wani mutum ya taso daga Damagaram saboda wannan sanarwa. Ya yi tafiyar kilometir wajen 150 zuwa Tanut, ya biya kuɗin mota. Da ya iso, ya tarar filin yana bayan gari, nesa da kwalta, kuma babu pompo. Ya yi asarar kuɗi da yini guda. Shi kuwa dillali ya yi asarar abin da ya fi kuɗi, wato amincin mutane.

Ka riƙe wannan ka'ida: kada ka rubuta kalmar da mai saye ba zai iya aunawa ko gani da idonsa ba. "Babba" da "kusa" da "araha" ba a auna su. Metir da lamba da jika ana auna su. Sanarwa mai kyau layi biyar ce.

Layi na ɗaya, wuri. Ka rubuta sunan gari da sunan unguwa. Idan filin yana cikin lotisma, wato inda hukuma ta yanka filaye, to yana da lamba. Rukunin filaye shi ne ake kira ilo, kowane fili a cikinsa kuma parsel. Ka kwafo lambar ilo da harafin parsel daga takarda, kada ka rubuta da ka. Bayan haka ka faɗi nisansa daga wani abu da kowa ya sani, kamar hanyar Damagaram zuwa Agadas, ko kasuwa, ko masallacin Juma'a. Ka faɗi gefen kuma, gabas ko yamma.

Layi na biyu, girma. A nan ne lissafinmu zai yi mana amfani. Ka samu igiya mai metir 10. Ka nemo turakun siminti huɗu da aka kafa a kusurwoyin filin, ka auna tsawo, ka auna faɗi. Idan tsawo metir 20 ne, faɗi ma 20, sai ka ce 20 sau 20, ya ba ka 400. Girman filin ke nan: metir kare 400.

Yanzu ka lura da wani abu. Fili mai metir 30 a kan 10, idan ka zagaya shi da ƙafa, za ka taka metir 80. Mai 20 a kan 20 ma metir 80 za ka taka. Amma 30 sau 10 ya ba da 300 kawai. Zagayensu ɗaya, amma na biyu ya fi na farko da metir kare 100. Saboda haka ka rubuta tsawo da faɗi duka biyu. Idan abin da ka auna ya saɓa da abin da ke cikin takarda, ka dakata. Wataƙila an matsar da turke, ko maƙwabci ya ci iyaka. A gyara wannan tukuna, kafin a yi sanarwa.

Layi na uku, takarda. Ka faɗi sunan takardar da ke hannun mai fili. Filin lotisma yana da takardar da meri take bayarwa, wadda ake kira akt da sesiyo. Gona ko filin ƙauye kuwa, tun da aka yi dokar karkara a 1993, akwai hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, a ƙauye da gunduma. Su ne suke ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya da takardar sayarwa. Ka duba sunan da ke jikin takardar. Idan sunan mamaci ne, filin gado ne, sai magada sun yarda. Kuma mu mutanen Damargu muna zaune a bakin ƙasar makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da makiyaya, ba na wani mutum ba ne balle ya sayar. Wanda ya kawo maka irin wannan wuri, kada ka rubuta masa sanarwa.

Layi na huɗu, kuɗi. Ga tarkon da yake kama mutane da yawa. Da baki muna ƙirga dala, a rubuce kuwa faran ake sawa. Dala ɗaya faran 5 ce, jika ɗaya faran 1.000. Idan ka ga an rubuta 600.000 F, wannan jika 600 ne. Amma in ka karanta wa wani ka ce "dubu ɗari shida", shi zai ɗauka dala kake nufi, wato faran miliyan 3. Don haka ka rubuta lambar da harafin F, ka ƙara jika a gefe. Ka faɗi kuma ko la'adar dillali tana ciki ko daban take.

Layi na biyar, wanda za a nema. Ka sa sunanka, da wurin zamanka, da lokacin da ake samunka. Lambar waya lamba 8 ce. Ka rubuta ta biyu-biyu, ka sake karantawa, don kuskuren lamba ɗaya ya ɓata sanarwa duka.

Saura maganar ruwa da wuta. A Damargu ruwa yana da zurfi, ba kowa ke iya gina rijiya a gidansa ba. Shi ya sa "ga ruwa" babbar magana ce. Pompo a cikin fili daban, bututu a layi daban, pompon unguwa daban. Ka faɗi wanda yake akwai yau, ban da wanda aka yi alkawari. Idan ruwa yana kwanciya a wurin da damina, ka faɗa. In ka ɓoye, watan Agusta zai tona.

Yanzu ga sanarwarmu ta misali bayan gyara:

FILI NA SAYARWA
Wuri: Tanut, unguwa kaza, ilo 12, parsel B, metir 600 gabas da kwalta.
Girma: metir 20 a kan 20, metir kare 400.
Takarda: akt da sesiyo, da sunan mai fili.
Ruwa da wuta: pompon unguwa a metir 200, wuta ba ta iso ba.
Kuɗi: 600.000 F, jika 600, ban da la'ada.
A nemi: wane, a bakin kasuwa, daga safe zuwa azahar.

Mai ba da hayar gida ma haka zai yi. Ya faɗi yawan ɗakuna, ginin ƙasa ne ko na siminti, kuɗin wata, da wata nawa ake biya tun farko.

Ga aikin gida. Kowa ya auna gidan da yake zaune, ya rubuta masa sanarwa irin wannan. Ka kai wa malaminku ya duba. Sannan ka ba wani ɗan aji ya karanta. Idan ya iya gane wurin ba tare da ya tambaye ka ba, to ka iya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.