Mai sayar da "wasan da aka shirya": daga ina yake samun ribarsa?

 

Wa bai taɓa samun irin wannan saƙo ba a WhatsApp ko Facebook ko Telegram? Lambar da ba ka sani ba, hoton tikitin caca mai miliyoyi, da alkawari: "Wasan yau an shirya shi, tabbas ɗari bisa ɗari. Turo jaka 10 in ba ka sakamako." Malamanmu sun riga sun faɗi hukuncin caca, ba shi zan maimaita ba. Lissafi kawai za mu yi yau, irin wanda ake iya yi a fada kafin shayi na biyu ya sauka.

A kusan kowace fada akwai wanda zai ce: "Ni wallahi na gwada shi, sau uku yana faɗa mini kyauta, sau uku yana fitowa daidai." Ba ƙarya yake yi ba. Ga yadda abin yake faruwa.

Wasan ƙwallo ɗayan uku ne ƙarshensa: masu gida su ci, baƙi su ci, ko a tashi kunnen doki. Mu ɗauka mutumin ya kwashi lambobi 810 daga rukunonin WhatsApp na ƴan kallon ƙwallo. Sai ya kasa su uku. Mutum 270 ya ce musu masu gida za su ci, 270 ya ce baƙi, 270 ya ce kunnen doki. Ko yaya wasan ya tashi, mutum 270 sun ga maganarsa ta fito. Sauran 540 ya watsar da su. A wasa na biyu ya sake kasa 270 ɗin nan uku, sai 90 su ga ya sake dacewa. A wasa na uku saura mutum 30.

To, sa kanka cikin mutum 30 ɗin. Kai ba ka san da sauran 780 ba. Abin da ka gani shi ne baƙo ya faɗa maka gaskiya sau uku a jere, bai karɓi ko dala ba. A nan ne zai ce wasa na huɗu na biya ne, jaka 10. Ko rabinku kaɗai suka tura, ya tashi da jaka 150 ba tare da ya san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Kuma a wasa na huɗun ma kasa ku uku zai yi. Waɗanda suka dace zai nemi jaka 50 a wurinsu don "babban wasa". Waɗanda suka faɗi zai ce an canza alƙalin wasa dab da farawa, su ƙaro jaka 5 ya sa su cikin na gobe. Asarar farko ke ja mutum ya tura ta biyu, don yana neman ya fanshe. Haka kuɗin kabu-kabu na mako guda yake tafiya, wani ma har jarin shagon yayansa.

Hoton tikitin kuwa, kada ya ruɗe ka. Yaro mai salula yana iya gyara lambobin cikin hoto. A Telegram ana iya gyara saƙo bayan an tashi wasa, a goge waɗanda ba su fito ba. Masu sharhin "na gode oga, na ci" sau da yawa shi ne da wasu lambobinsa.

Yanzu mu ba shi gaskiya na minti ɗaya, mu ce ya san sakamakon. Wanda ya canki ainihin ƙwallayen da za a ci, kamar 2 da 1, akan ninka masa kuɗinsa, mu ce sau 10. Jaka 10 ta zama jaka 100. Ya maida ita a wasa na biyu, miliyan 1. Na uku, miliyan 10. Mai irin wannan rijiya a tsakar gidansa, me zai sa ya kwana yana roƙon wani saurayi a Mayahi jaka 10? Banda haka, sayar da sirrin ɓata masa kasuwa yake. Idan kuɗi masu yawa suka taru a kan sakamako ɗaya, kamfanin caca yana rage ninkin, ko ya rufe karɓar kuɗi a kan wasan gaba ɗaya. Akwai kuma kamfanoni irin su Sportradar da aikinsu ke nan, sa ido a kan irin wannan motsin kuɗi su kai rahoto ga hukumomin ƙwallo. Mai magudi na gaske ɓoyewa yake. Wanda ke talla, ba shi da abin ɓoyewa ne.

Wani zai ce, ai ana magudi a ƙwallo. Ana yi mana, har a gidanmu maganar ta shigo. A watan Yuni na 2011 Najeriya ta ci Ajantina 4 da 1 a Abuja, alƙalin wasan ɗan Nijar ne, Ibrahim Chaibou. Ya wuce lokacin da aka ƙara, ya ba Ajantina fanareti a ƙarshen wasa, kuma masu sa ido sun ga kuɗi na kwarara a kan cewa za a ci ƙwallo ta biyar. A watan Janairu na 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada bisa laifin karɓar cin hanci. Ku lura da abin da ya jawo ido kan wasan: motsin kuɗin caca. Shi ya sa masu wannan harka ba sa shela.

Kuma ko wasan da aka shirya ɗin ma ba tabbas ba ne. A Ghana, watan Yuli na 2021, Ashanti Gold ta kara da Inter Allies. Wani ɗan bayan Inter Allies, Hashmin Musah, ya ce ya ji an tsara a tashi 5 da 1. Da aka sako shi, sai ya zuba ƙwallo biyu a ragar ƙungiyarsa da gangan, wasa ya tashi 7 da 0. Duk wanda ya zuba kuɗi a kan 5 da 1 ya yi asara. Mutum 22 ne a fili, ga alƙali, ga ƴan benci. Mutum ɗaya ya ƙi, shiri ya rushe. Idan waɗanda suke ciki ba su da tabbas, ina baƙon da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba?

Ga gwajin da ba ya cin ko dala. Ka ce masa: "Tunda tabbas ne, ba ni sakamakon, in na ci mu raba biyu." Rabin jaka 100 ya fi jaka 10 ɗin da yake nema sau biyar. Zai ƙi, ko ya ce lokaci ya ƙure. In ma ya yarda, kada ka ɗauka gaskiya gare shi: kasa mutane uku zai sake yi, ya karɓi rabo a wurin waɗanda suka dace, asarar sauran kuma ba tasa ba ce. Ta kowace hanya, kuɗinka ne ke cikin haɗari, nasa ba ya ciki.

Wanda ya riga ya tura, ya tsaya nan, kada ya tura na biyu, ko an ce na "fitar da ribarsa" ne. Ya adana takardar aika kuɗin da hoton hirar da lambar, ya kai wa ƴan sanda ko jandarma. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet. Sannan ya faɗa a fada, ko da za a yi masa dariya. Dabarar nan tana tafiya ne saboda mutum 780 ɗin da aka watsar sun yi shiru. Ranar da abokai uku suka ajiye salularsu a tabarma ɗaya, suka ga an ba kowannensu sakamako daban a wasa ɗaya, kasuwar mutumin ta watse a unguwar.

Allah ya tsare mana guminmu.