Doguwar Jimla Ta Fi Kalma Ɗaya Kawo Mai Saye: Lacca a Kan Laƙabta Kayan Hannu a Kasuwar Intanet



An nemi in yi magana a kan yadda mai sana'ar hannu zai zaɓi kalmomin da zai laƙaba wa kayansa a kasuwar intanet, domin mai nema ya same shi. Zan kafa misalina da Etsy, kasuwar kayan hannu da aka kafa a Brooklyn ta birnin New York a 2005, saboda ƙa'idojinta a bayyane suke. Kayan da zan bi da ku daki-daki kuwa gyale ne na auduga, rinin baba, irin wanda ake tsamowa daga karofin Ƙofar Mata a Kano.

Mu fara da yadda injin binciken yake aiki. Idan mai saye ya rubuta abin da yake so, injin yakan yi aiki biyu. Da farko yakan tattaro duk kayan da kalmominsu suka dace da abin da aka rubuta, yana duba sunan kaya, da rukuninsa, da siffofinsa, da laƙabansa. Bayan haka sai ya jera su, wanda ya fi dacewa kuma masu saye suka fi karɓa a sama. Kayan da bai tsallake matakin farko ba, ko hotonsa ya fi na kowa kyau, ba wanda zai gan shi.

A shafin sa kaya akwai gurbin da aka rubuta Tags. Laƙabi 13 aka yarda ka sa wa kowane kaya, kowanne kada ya wuce harafi 20, kuma har tazarar da ke tsakanin kalmomi ana ƙirgawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya cika gurabun nan da kalma ɗai-ɗai, kamar `scarf` da `blue` da `handmade`. Illar hakan biyu ce. Kalmar `scarf` ita kaɗai ta jefa gyalenka cikin tarin kaya marasa iyaka, a bayan tsofaffin shaguna da suka daɗe suna ciniki. Sannan wanda ya rubuta wannan kalma tilo bai riga ya san abin da yake so ba. Duk ɗan Kantin Kwari ya san bambancin wanda ya shigo ya ce yana neman yadi, da wanda ya faɗi irin shaddar da yake so da launinta da yawan yadin da za a yanka masa. Na farko kallo ya zo yi, na biyu da kuɗinsa a hannu. Doguwar jimla masu rubuta ta kaɗan ne, amma kishiyoyinka a kanta ma kaɗan ne, kuma mai rubuta ta ya kusa biya.

Akwai ƙarin riba. Wanda ya sa `indigo cotton scarf` bai yi asarar gajerun kalmomin ba, domin injin yana iya tsinto `scarf` ko `indigo scarf` daga cikinta. Gurbi ɗaya ya yi aikin uku.

Kafin a taɓa laƙabai, a fara cika rukuni da siffofi, wato Category da Attributes. A zaɓi rukuni mafi ƙanƙanta da ya dace, a gangara har kan gyale, kada a tsaya a babban rukunin kayan ado. Daga nan shafin zai buɗe siffofin da suka shafi rukunin, kamar babban launi da launi na biyu, wani lokaci da abin da aka yi kayan da shi ko girmansa. Ga gyalenmu, babban launi shuɗi, na biyu fari. Waɗannan siffofi suna aiki kamar laƙabai, kuma da su mai saye yake tace sakamako. Idan ya taɓa shuɗi kai kuwa ka bar gurbin launi babu komai, gyalenka yana iya ɓacewa daga gabansa alhali shuɗi ne. Tunda siffa ta riga ta faɗi launi, ba sai an sake ɓata laƙabi guda a kan `blue` ba.

To daga ina jimlolin za su fito? Ka yi wa kayan tambayoyi: mene ne shi, da me aka yi shi, yaya aka yi shi, daga ina ya fito, wa za a saya wa, yaushe ake amfani da shi? Kowace amsa laƙabi ce. Ga shida daga cikin na gyalenmu:

```
indigo cotton scarf
natural dye shawl
tie dye head wrap
west african textile
light summer wrap
gift for mother
```

Ku lura, kowace jimla ƙofa ce daban. Ɗaya ta kira mai neman rini na gargajiya, ɗaya mai neman ɗankwali, ɗaya mai neman tsaraba ga mahaifiyarsa. Ta huɗu harafi 20 ce cif. Idan jimla ta yi tsawo, kamar `hand dyed indigo scarf` mai harafi 22, sai a sa ta cikakkiya a sunan kaya, wanda ke ɗaukar harafi 140, a kuma raba ta biyu a laƙabai: `hand dyed` da `indigo scarf`. Ba a buƙatar maimaita jimla da jam'inta, kuma a rubuta da harshen da aka saita shagon a kansa.

Wannan hanya tana da iyaka. Jimlar da ba wanda ke rubutawa ba ta da amfani komai tsawonta. Gwajin mai sauƙi ne: fara rubuta `indigo` a akwatin bincike, ka ga abin da kasuwar take ƙarasa maka, domin daga binciken mutane take ɗauko shi. Iyaka ta biyu gaskiya ce. Idan ba da baba zalla aka rina gyalen ba, kada a kira shi rinin gargajiya. Haka nan shibori na Japan ne, adire na Yarbawa, bogolan na Mali. Aron sunansu yakan jawo masu kallon da za su buɗe su juya, injin kuma yana lura da kayan da ake buɗewa ba a saye. Sunan wani kamfani kuwa yana iya sa a sauke kayan gaba ɗaya.

Yaya za a san an dace? A shiga Shop Manager, a buɗe Stats, a duba kalmomin da suka kawo mutane. Idan masu zuwa kaɗan ne, jimlolin ba su haɗu da bakin masu saye ba. Idan suna da yawa amma ba ciniki, ko dai jimlolin suna kiran waɗanda ba su ne masu kayan ba, ko matsalar tana hoto, ko farashi, ko kuɗin aikawa. A sauya laƙabi biyu ko uku kawai, a jira makonni kafin a yanke hukunci, domin wanda ya sauya duka a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Kirana ga ɗalibanmu masu jin Turanci shi ne ku zauna da marina da dukawa da masaƙa. Su suka san kayan, ku kuka san allon. Ku ɗauki kaya ɗaya a wannan makon, ku cika siffofinsa duka, ku rubuta masa jimla 13 na gaskiya, sannan ku dawo ku duba sakamako. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.