Sanarwar Magatakarda Bayan Dogon Rufe Jami'a: A Fara Ƙirga Makonni



Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Cikin 'yan kwanaki jami'o'i suka yi ta fitar da sanarwa ɗauke da sa hannun magatakarda: ga ranar buɗe ɗakunan kwana, ga ranar komawa aji, ga sabon jadawalin karatu. Yawancinmu ranar komawa kawai muka duba muka ajiye takardar. Ni kuwa ina ganin abin dubawa yana can ƙasa, cikin jerin ranakun da ba kowa ke karantawa ba.

Da farko, magatakarda ba shi ke yanke ranakun ba. Shi sakatare ne na Majalisar Malaman Jami'a, wadda shugaban jami'a ke jagoranta, kuma ita ke amincewa da jadawali. Shi ya sa sahihiyar sanarwa kan faɗi zaman da majalisar ta yi da ranar da ta zauna. Takardar da ke yawo a waya babu wannan bayani, a bincika kafin a biya kuɗin mota daga Maiduguri zuwa Zariya.

To, yaya ake ƙirgar? Ma'aunin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, shi ne mako goma sha biyar na koyarwa a kowane zango, ban da rajista da jarrabawa. Kwas mai nauyin uku yana cin awa uku a mako, wato awa 45 a zango. Mu ɗauki misali. A ce an yi mako shida ana karatu aka rufe makaranta. An ci awa 18 ke nan, saura 27, wato mako tara. Sai sanarwa ta fito ta ba da mako shida na lacca, mako ɗaya na bita, sannan jarrabawa. Mako shidan nan awa 18 ne kawai, an yi giɓin awa tara, kashi ɗaya cikin biyar na kwas ɗin baki ɗaya. Kuma wannan lissafin ya ɗauka cewa ɗalibi yana riƙe da abin da aka koya masa wata takwas baya, alhali wani dako ya yi a kasuwa, wata ma aure ta yi har da goyon ciki. Malamin kirki sai ya ɓatar da mako biyu yana maimaita na baya.

Ana iya cike giɓin idan aka mai da awa uku ta koma huɗu da rabi a mako. A kan takarda abu ne mai sauƙi. Amma ɗalibi mai kwas bakwai ko takwas, kowane malami yana neman ƙarin lokaci, ga babban ɗakin lacca ɗaya da tsangayoyi uku ke rububinsa. Daga nan sai ka ga lacca ƙarfe bakwai na safe, lacca ranar Asabar, gwaji uku a rana guda. Abin da ke fara faɗuwa shi ne aikin ɗakin gwaje-gwaje, domin darasi a kan allo yana karɓar gudu, amma ƙwayar cutar da aka shuka a faranti sai ta cika kwanakinta. Sakamakon yakan bayyana a yawan masu maimaita kwas a zango na gaba.

Akwai kuma abin da sanarwa ya kamata ta fayyace ƙarara: ci gaba za a yi daga inda aka tsaya, ko an soke shekarar? Domin JAMB ba ta tsaya ba lokacin yajin aiki, sababbin ɗalibai sun taru suna jira a ƙofa. Wasu jami'o'in kan haɗe shekara biyu ta ɗaukar ɗalibai, wasu kan yanke dogon hutu. Ga ɗan ajin ƙarshe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya haura shekara talatin a ranar kammalawarsa ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi, don haka jinkirin wata biyu yana iya sauya masa hanya.

Jadawalin ma kansa ba a kan dutse aka rubuta shi ba. Waɗanda suka tsara nasu a Oktoban 2022 ba su yi nisa ba NUC ta ba da umarnin a rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris 2023 saboda zaɓe. Duk wanda bai bar rarar ko mako ɗaya ba, dole ya zaɓa: ko ya sake yankar makonnin koyarwa, ko ya tura jarrabawa gaba, magatakarda ya sake fitar da wata takardar.